Lissafi a Aikace: Rami Mai Gangara da Sawun Tifa

 Duk wanda ya tashi a Isa ko Sabon Birni ya san ba a haƙa babban rami a fadamar Gulbin Rima a bar bangonsa a tsaye kamar na ɗaki. Ƙasar wurin tana da rairayi, kuma da ruwa ya taɓa ta sai ta zaftare. Shi ya sa masu haƙa tafkin ban-ruwa ko na kiwon kifi suke kwantar da gefen ramin, bakinsa ya fi gindinsa faɗi, kamar daro. To, a nan rigima take farawa tsakanin mai gona, masu haƙa da mai tifa, domin kowa da ƙidayarsa.

A ce wani manomi zai haƙa tafki mai zurfin mita 3. Bakinsa tsawon mita 16 da faɗin mita 12, gindinsa kuma mita 10 da mita 6. Wato kowane gefe ya shiga ciki da mita 3 kafin a kai ƙasa. Shimfiɗar bakin ita ce 16 × 12, murabba'in mita 192, ta gindin kuwa 10 × 6, wato 60.

Idan masu haƙa suka ninka shimfiɗar baki da zurfi, za su sami mita kubik 576, a biya su kuɗin ƙasar da ba su taɓa ba. Idan mai gona ya auna gindi kawai, zai ce 180 ne, ya cuci gumin mutane. Hanyar da ta dace tana buƙatar awo na uku, na tsakiyar zurfin. A can tsawon yana tsaka-tsakin 16 da 10, wato 13, faɗin kuma tsaka-tsakin 12 da 6, wato 9. Shimfiɗar tsakiya ta zama 117. Yanzu ku ninka ta huɗu, ku sami 468, ku haɗa da ta baki da ta gindi: 192 + 468 + 60 = 720. Ku ninka da zurfi, ku raba gida shida: 720 × 3 ÷ 6 = 360. Girman ramin ke nan, mita kubik 360.

Ku kula da tarko ɗaya da na sha gani a takardun ɗalibai: tsawo da faɗi ake nema wa tsaka-tsaki, ba shimfiɗa ba. Wanda ya haɗa 192 da 60 ya raba biyu zai sami 126, ya ƙare da 378. Ya yi kusa, amma ya ɗora wa mai gona mita kubik 18 da babu su.

Saura kwashe ƙasar. A ce mazubin tifar yana da tsawon mita 5, faɗin mita 2, zurfin mita 1, yana cin mita kubik 10. Mai gona ya raba 360 da 10, ya tanadi kuɗin sawu 36. Tifa ta yi sawu 36, ga tulin ƙasa har yanzu a bakin rami, sai ya fara zargin direba da rage lodi.

Direba bai ci amanarsa ba. Ƙasar da ke kwance ta daɗe a danƙare. Da diga ta fasa ta, sai ta zama ɓarɓashi da curi, iska ta shiga tsakaninsu, ta ƙara cin wuri alhali nauyinta bai canza ba. Kun ga yadda garin da aka tankaɗe yake cika kwanon da a da bai cika ba? Haka ne. Rairayi yakan kumbura da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, ƙasar gona kamar kashi 25, laka mai danƙo kuwa 30 zuwa 40. Idan muka ɗauki 25, to 360 × 1.25 = 450, wato sawu 45. Sawu tara ne mai gona bai sa a kasafinsa ba. Idan kuma jiƙaƙƙiyar laka ce, direba ba zai yarda ya cika mazubi ba saboda nauyi, sawun ya ƙara yawa.

Ba sai kun yarda da alƙalumana ba, ku gwada ƙasarku. Ku haƙa ɗan rami mai rabin mita a tsawo, faɗi da zurfi. Cikinsa lita 125 ne. Ku riƙa zuba ƙasar a bokiti mai lita 20, kada ku danna, ku share bakinsa daidai. Da ƙasa ba ta kumbura, bokiti shida da kwata za ku samu. Idan kun kusa cika takwas, kumburin ya kai kashi 25. Wanda ya gwada a kan tudu kuma ya gwada a fadama, ya aiko mana da adadin bokitin da ya samu a kowane wuri.