A Ciro Kundin Kafin A Gyara Kwamfutar

Kwamfutar da ta ƙi tashi ba kasafai take cinye kundin ɗalibi ba. Abin da ya fi cinye shi shi ne gyaran gaggawa, wato shafe faifan ajiya a ɗora sabon Windows. Don haka dokar farko ita ce a ciro aikin tukuna, gyaran na'ura ya biyo baya.

A ɗauki misalin wani ɗalibi ɗan Toranke, a ƙaramar hukumar Ajingi, da ke shekarar ƙarshe a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil. Ya je gida ranar Juma'a domin ya ƙarasa babi na biyar, ga shi ranar Litinin za a miƙa kundi. Da safiyar Asabar ya kunna tsohuwar kwamfutarsa ƙirar HP, sai allo ya nuna masa wannan:

```
Boot Device Not Found
Please install an operating system on your hard disk.
Hard Disk - (3F0)
```

Layi na biyu ne tarkon, domin yana umartar a ɗora sabuwar manhaja. Alhali ma'anar saƙon ba ta wuce cewa BIOS, ƙaramar manhajar da ke tayar da kwamfuta, ta nemi inda Windows yake ba ta samu ba. Rashin gane ƙofa ba ya nufin ɗakin ya ƙone.

Abubuwa uku ne suka fi haddasa wannan saƙo: faifan ya kwance daga mazauninsa saboda jijjigar hanya, ko saitin BIOS ya sauya, ko kuma faifan kansa yana mutuwa. Ana iya bambance su ba tare da an shafe komai ba. A kwamfutar HP, danna F2 yayin kunnawa yana buɗe gwajin faifai, F10 kuma yana buɗe BIOS. Ɗalibin ya gwada duka biyun. Gwajin ya ga faifan, ya ce lafiyarsa ƙalau, amma kwanan watan da ke cikin BIOS ya koma shekaru baya.

Wannan kwanan wata shi ne shaida. Akwai ƙaramin batir mai kama da kwabo a cikin kwamfuta, wanda ke riƙe agogo da saiti. Idan ya mutu, musamman in babban batir ma ya ƙare ƙaf, kamar yadda yake faruwa inda wutar lantarki ba ta zama, saiti yakan koma yadda masana'anta ta bar shi. Idan an ɗora Windows ta tsohon tsarin Legacy, BIOS kuma ta koma UEFI, ba za ta gan shi ba ko da yana nan daram.

Duk da haka, ɗalibin bai taɓa saitin ba. Ya bi ta Gaya zuwa Wudil, ya ce wa mai gyara: "Malam, kada a yi fomat. A ciro min aikina tukuna." Mai gyaran ya zare faifan, ya sa shi a akwatin USB, ya jona da wata kwamfuta, ya kwafe Documents da Desktop zuwa filash. Suka buɗe kundin suka tabbatar babi biyar suna nan. Bayan haka ne aka mayar da faifan, aka kunna Legacy Support, aka sauya batirin, kwamfuta ta tashi.

Wani zai ce ɗora sabon Windows ya fi sauri, kuma akwai manhajojin da ke dawo da abin da aka shafe. Sai dai sabon Windows yana rubutu ne a kan gurbin tsofaffin fayiloli, abin da aka rubuta a kansa kuwa ba ya dawowa. Mai kwana biyu a hannu ba shi da halin wannan caca.

Hanyar tana da iyaka. Faifan da ke ƙara ƙwas-ƙwas yana mutuwa ne, kowace kunnawa tana ƙara masa rauni, sai a kashe shi a nemi gwani a titin Beirut da ke Kano. Faifan da BitLocker ya kulle kuma ba zai buɗu ba sai da mabuɗinsa mai lamba 48, wanda galibi yake cikin asusun Microsoft na mai kwamfutar.

Nauyin yana kan ɓangarori biyu. Mai gyara ya tambayi abin da ke cikin faifai kafin ya taɓa shi. Ɗalibi kuma ya riƙa tura kundinsa zuwa wayarsa da imel ɗinsa duk dare, domin kundin da ke wuri ɗaya tak ƙwai ne a hannun yaro.