Wasiƙar Bin Sawu Bayan Hirar Neman Aiki

Wata yarinya ta aiko da tambaya daga Moriki. Ta ce ta nemi aikin koyarwa a wata makarantar kuɗi a Ƙaura Namoda, an kira ta hira, aka ce za ta ji amsa cikin mako guda. Yau kwana 14 ke nan shiru. Ga shi wata makarantar a Zurmi ta ba ta aiki, tana son amsa kafin ƙarshen wata. To, yaya za ta yi?

Da farko, ƙanwata, shiru ba ƙi ba ne. Sau da yawa wanda ya yi miki tambayoyi ba shi ne mai yanke magana ba, sai mai makarantar ya sa hannu. Amma kafin ki rubuta, duba akwatin Spam na imel ɗinki, domin amsa takan ɓuya a can, musamman ga wadda ba ta saba buɗe shi ba.

In ba ki ga kome ba, nemo saƙon da suka kira ki da shi, ki taɓa Reply. Hikimar ita ce, tsohuwar maganar za ta biyo wasiƙarki, mai karantawa ya gane ki nan take. Ki aika da safe ran Litinin ko Talata, kada ki bari sai Jumma'a. Ga misali:

“Assalamu alaikum, Malam. Ni ce wadda kuka yi wa hira ran 3 ga wata a kan aikin koyar da lissafi a aji huɗu. Na gode da karɓar da kuka yi mini, kuma har yanzu ina son aikin. Wata makaranta ta nemi amsata kafin ran 30 ga wata, amma na fi son taku. Ina roƙon a sanar da ni inda magana ta tsaya. Na gode.”

Sai ki sa cikakken sunanki da lambar wayarki a ƙasa. Kin ga babu ƙorafi a ciki, babu kuma labarin kuɗin motar da kika kashe. Maganar wancan aikin kuwa, kada ki faɗe ta sai in gaskiya ce, don suna iya cewa Allah ya ba da sa'a, ki tashi a tutar babu.

Bayan kin aika, ki ba su mako guda. In suka ce ana kan dubawa, ki tambaye su rana. In kuwa shirun ya zarce, ki buga waya sau ɗaya cikin lokacin aiki, daga nan ki tsaya. Ranar 30 ta gabato ba takarda a hannunki, karɓi na Zurmi, gama da babu gara ba daɗi.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.