Goge suna kaɗai ba ya rufa asiri

Mun yarda ɗaliban likita su koyi aiki da takardun marasa lafiya. Amma goge suna kaɗai bai isa ba. A ce takarda ta nuna: "Mai sayar da atamfa a babbar kasuwar Maradi, shekara 42, ta haifi tagwaye ranar jajibirin Salla, tana da ƙanjamau." Wace ƴar kasuwa ce ba za ta gane ta ba? Gobe kishiya ta ji, masu saye su watse.

Muna roƙon likitoci su cire unguwa, lambar waya da lambar takarda. Su rubuta "ta haura shekara 40", "kwana 3 bayan haihuwa". Sana'a kuwa, kada a ambace ta sai in ita ta jawo ciwon. Ciwon ɗalibi zai koya, sanin mai shi ba ruwansa.