"Dear" ta fi dacewa da wanda ba a sani ba

A Kasuwar Kure da ke Minna, gaisuwa rana take bi: "ina kwana" da safe, "ina wuni" da yamma. Imel kuwa ba ruwansa da rana. Jami'in da ya aika wa ɗan kasuwar saƙo daga Abuja da hantsi, yana neman farashin shinkafa, wataƙila sai bayan la'asar za a karanta, lokacin "Good morning" ta tsufa. "Hello" gaisuwar tsara ce, dattijo yana iya ɗaukar ta raini. Saura "Dear", wadda a wasiƙar aiki girmamawa take nufi, ba soyayya ba. A haɗa ta da laƙabi da suna, bayan an tabbatar Alhaji ne ko Hajiya, domin "Dear Sir" ga mace kan jawo shiru maimakon amsa.