Waiwaye: Ranar da “Buɗe Shi” Ya Daina Aiki

Duk wanda ya zauna a shagon kwamfuta a Jahun ya san irin wannan abokin cinikin. Zai turo fayil ta WhatsApp ko ya miƙo filash, allo ya nuna akwatin da ke neman kalmar sirri, shi kuwa ya ce kawai: “Buɗe shi.” In aka ce masa a kulle yake, sai ya ce ai da can akwai yaron da ke fasa irin wannan. Kuma ba ƙarya ya yi ba.

A zamanin Office 97 zuwa Office 2003, makullin da Word da Excel ke sa wa fayil galibi yana da tsawon bit 40 ne kawai, haka ma PDF na farko-farko. Dokar Amurka ta wancan lokaci ce ta hana fitar da manhaja mai makulli mafi ƙarfi zuwa ƙasashen waje, har sai da aka sassauta ta wajen shekarar 2000. Bit 40 na nufin makullai kimanin tiriliyan ɗaya. Adadin yana da yawa a kunne, amma kwamfuta tana iya gwada su ɗaya bayan ɗaya har ta ci karo da na daidai, komai tsawon kalmar da mai fayil ya zaɓa. Daga nan masu shago suka yi sunan iya fasa fayil. Sai Adobe ta shigo da tsarin AES a Acrobat 7 cikin 2005, ta ƙarfafa shi zuwa bit 256 a Acrobat 9 cikin 2008, Microsoft kuma ta koma AES a Office 2007. Daga lokacin ƙofar ta rufe. Microsoft da kanta tana gargaɗin cewa in ka manta kalmar, ba ta iya dawo maka da ita. Abin da bai canza ba shi ne tunanin jama'a, har yau ana ganin mai shago ne ke ƙin taimako.

Kafin a ce wa mutum komai, sai a duba wane irin kulle ne, domin iri biyu ne kuma ana yawan cakuɗa su. In fayil ya buɗe, ana ganin rubutu, amma ya hana bugawa a firinta ko gyarawa, wannan ƙuntatawa ce kawai daga wanda ya haɗa shi. A Adobe Reader za a ga (SECURED) kusa da sunan fayil, kuma Ctrl+D zai kai ka inda ake duba abin da aka hana. In kuwa ko harafi ɗaya bai fito ba sai akwatin neman kalma, to rubutun gaba ɗaya an rikita shi, kuma babu abin da zai warware shi sai kalmar. Akwai na uku da ba kulle ba ne sam: fayil ɗin da ya lalace wajen saukewa saboda katsewar sabis. Shi ba ya neman kalma, saƙon lalacewa yake nunawa, maganinsa a sake turo shi.

Mu ɗauki misali. Wani manomin shinkafa daga fadamar yankin Harbo yana neman bashin noman rani, an buƙaci ya ɗora bayanan asusunsa na wata shida. Banki ya aiko masa da PDF ta imel, ɗansa ya sauke fayil ɗin ya tura wa mai shago, shafin masu ba da bashi kuma ya ƙi karɓa domin a kulle yake. A nan kuskuren ya faru tun kafin su iso shago: an turo fayil an bar saƙon da ya zo da shi. Bankunan da ke kulle irin wannan takarda sukan faɗi yadda kalmar take a cikin imel ɗin, ko su aiko ta daban, ko kuma mai asusun ne ya zaɓe ta lokacin da ya nemi takardar a manhajar wayarsa.

Don haka abin da ya kamata mai shago ya ce gajere ne: “Baba, wannan takarda banki ne ya kulle ta don kada wani ya ga kuɗinku. Ni ba ni da makullin, kuma ba ta fasuwa. Ku nuna mini saƙon da ta zo a ciki, galibi a nan suke faɗin lambar.” Kowace jimla a nan tana da aikinta. Ta farko ta cire zargi daga kan mai shago. Ta biyu ta hana dattijo zagaya shagunan gari yana biyan kuɗin gwaji. Ta uku ita ce ta ba shi abin yi, kuma ita ce aka fi mantawa da ita. A ce wa mutum “ba zai yiwu ba” a yi shiru, a ganina, rabin gaskiya ne kawai.

In an samo kalmar, a juya masa madannai ya rubuta da hannunsa, ko ɗansa ya rubuta. In ta ƙi, kada a yi saurin cewa ba ita ba ce. A duba ko Caps Lock a kunne yake, domin tsarin yana bambanta babban harafi da ƙarami. Waya kuma takan mayar da harafin farko babba da kanta. Wasu suna yar da sifirin da ke farkon lamba, wasu kuma in sun kwafo ta daga saƙo sai fili marar rubutu ya biyo ta a ƙarshe.

Da ta buɗe, saura a samar da kwafi marar kulle da shafin zai karɓa. Hanya mafi sauƙi ita ce a buɗe fayil a Chrome, a sa kalmar, a danna Ctrl+P, a zaɓi Save as PDF. Mai amfani da qpdf zai rubuta:

```
qpdf --password=KALMA --decrypt asali.pdf sabo.pdf
```

Wannan umarni ba fasawa yake yi ba, sai da kalmar gaskiya yake aiki. Sai dai a sanar da manomin abu biyu. Kwafin da aka fitar ta hanyar bugawa yana rasa sa hannun lantarki in banki ya saka, don haka in masu bashin sun ƙi shi, sai ya je reshe a buga masa mai hatimi. Sannan sabon kwafin kowa na iya karanta shi, dole a goge shi daga kwamfutar shago a gabansa, har da na Recycle Bin da na WhatsApp.

Jarabar da ta rage ita ce ta zato. Lamba mai alƙaluma 4 hanyoyi 10,000 kawai take da su, don haka manhajar gwaji za ta iya cin mata da wuri, kuma wasu matasa suna alfahari da hakan. Ban yarda da shi ba a kan takardar kuɗi. Mai asusu na gaskiya yana iya neman sabuwa daga bankinsa a ranar. Wanda ya nace sai an fasa, alhali sunan da ke kan imel ba nasa ba ne, sau da yawa takardar matarsa ce, ko ta abokin kasuwanci, ko ta mamacin da ba a raba gadonsa ba. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta shiga bayanan wani ba da izini ba, ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Shafukan da ke alkawarin cire kulle kyauta ma, ko dai su nemi kalmar daga gare ka, ko su gwada kalmomin da aka saba, kuma ko ta yaya ka riga ka miƙa musu takardar mutum.

Ga irin wannan mai nacewa amsar ita ce: “Malam, sai mai takardar ya zo da kansa, ko ya buɗe ta a wayarsa ya turo.” In ta mamaci ce, magada su je banki da takardun kotu.