Hoton da ya zo ba tare da labarinsa ba



Da zarar an san kana rubutu, ka zama malamin Hausa na dangi. Ƙanwa ko ɗan maƙwabci zai turo maka hoton aikin gida: tambayoyi biyar na auna fahimta, an ɗauke su tsaf, amma labarin da aka gina su a kansa yana shafin baya, bai shigo ba. Ra'ayina shi ne, kada ka amsa abin da ba ka gani ba, ko da kana jin ka san amsar.

Ɗauki wannan tambaya: "Mece ce ma'anar kalmar 'gari' kamar yadda aka yi amfani da ita a layi na 4?" Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka garin da ake zama a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi, rubutunsu ɗaya ne. Ga kuma "gari ya waye", wanda ba birni ba ne, ba na tuwo ba. Jimlar ce kaɗai ke raba gardama, ita kuwa ba ta cikin hoton. In ka ce "birni", alhali labarin na matar da ta je niƙa ne, yarinya za ta kwafa da yaƙini saboda kai ka faɗa, malami ya ja mata jan biro.

Tarkon ya fi kama masu yawan karatu. Ka ga sunan Musa da Waziri, ka ce ai Magana Jari Ce ne, na san shi. To amma littafin makaranta yakan tsakuro ne ko ya taƙaita, amsar da ake nema kuwa ta abin da aka tsakuro ce.

Haka zane yake. Alwatika mai kusurwa 50 da 60, an ce a nemo x: in x tana ciki, 70 ce, in tana waje, jikin kusurwa ta uku, 110 ce.

Alamar ba ta ɓuya: "bisa ga labarin", "a sakin layi na biyu", "dubi zane". In ka gan su, kada ka tsaya ga "hoton bai cika ba", domin yaro zai sake turo maka shafin nan dai. Faɗi abin da ya ɓace da sunansa:

"Ƙanwata, ta 5 da ke neman jam'in 'gida' ba ta buƙatar labarin, amsarta 'gidaje'. Ta 1 zuwa ta 4 kuwa sai na ga labarin. Juya shafin baya ki ɗauko shi daga kansa har ƙarshe, lambar shafin ta fito. In littafin ba ya hannunki, kwafo min layi na 3 zuwa na 5, mu fara da tambayar 'gari'."