Wasiƙa Zuwa Ga Masu Tsara Wa 'Yan Tireda Allon Lissafi



Akwai abin da yake damuna a yawancin allunan lissafin da muke tsara wa masu ƙananan shaguna, a manhajar waya ko a Excel. Mukan ɗora jimillar cinikin rana a sama da manyan lambobi, mu bi ta da zane mai launuka, alhali mai shago da ya zo rufewa bayan isha'i abu ɗaya yake son ya fara sani: nawa ya kamata ya tarar a aljihun tebur? Wannan adadin shi ya cancanci saman allo.

Mu ɗauki misalin mai shagon kayan masarufi da ya yi cinikin naira 180,000 a yini. A ciki, 95,000 tsaba ce, 60,000 ta shigo ta tiransifa da POS, 25,000 kuwa bashi aka ɗauka. Da safe ya buɗe da canjin 5,000, da rana wata maƙwabciya ta biya tsohon bashi na 10,000 hannu da hannu. Daga aljihun tebur an cire 6,000 na man janareto, 2,000 na ɗan dako, 1,500 na abincin yaron shago, shi kuma ya zari 8,000 na cefanen gida. Abin da ya kamata ya rage shi ne 92,500. Idan 180,000 kawai allonku ya nuna masa, ya ƙirga ya ga kusan rabinta, to zai zargi yaronsa ko ya daina yarda da manhajar, kuma duka biyun laifinmu ne.

Saboda haka a gefen 92,500 ɗin ku bar gurbin da zai rubuta abin da ya ƙirga da hannunsa, allon ya fitar da bambancin nan take. Ƙarƙashinta ku jera tsaba, tiransifa da bashi, kowanne da gidansa, don ya iya gwada na tiransifa da saƙonnin banki. Ku kula, 10,000 ɗin maƙwabciya ba cinikin yau ba ce, an riga an lissafa ta ranar da ta ɗauki kayan. Tana ƙara kuɗin aljihun tebur, tana rage bashin da ake bi, shi ke nan. Alamar an yi kuskure a nan ita ce ku ga ciniki ya haura alhali kaya ba su ragu a kanta ba.

Sai riba. A ce kayan da suka fita yau an saro su a kan 158,000, abin da ya hau kai 22,000 ke nan. A cire ɗawainiyar shago ta 9,500, saura 12,500. Kuɗin cefane kada ku cusa shi cikin ɗawainiyar shago, ku ba shi layinsa da suna ƙarara, "abin da na ɗauka". Mutum yana da haƙƙin ya ga cewa daga 12,500 ya riga ya ci 8,000, domin ta wannan ƙofar uwar kuɗi take zurarewa ba a sani ba. Kuma ku adana farashin sari tare da kowane ciniki a lokacin da aka yi shi. In ba haka ba, ranar da farashi ya tashi a Kasuwar Singa ya gyara shi a manhaja, ribar watan jiya ma sai ta canza.

Batun kaya ba ya buƙatar dogon jeri a shafin farko. Mai shago yana sarowa katan-katan, yana sayarwa ɗai-ɗai, don haka ku ajiye lissafi da ƙwaya, ku nuna masa da harshensa: katan ɗaya da rabi na taliya mai guda 40, wato guda 60. Idan yana sayar da 20 kullum, kwana uku suka rage, kuma wannan shi ne adadin da zai amfane shi. In sai Asabar yake zuwa sari, yau kuma Litinin, to taliyar ta hau saman jeri. Kaya biyar da suka fi kusa da ƙarewa sun wadatar, sauran su koma shafi na biyu tare da zanen cinikin mako.

Kafin ku miƙa aikin, don Allah ku gwada shi a ƙaramar waya mai arha, a bakin shago da rana tsaka, an kashe data. Lambobi su fito manya da waƙafi a tsakanin dubbai, kuma kada ja da kore kaɗai su ɗauki saƙo, ku rubuta "ya gaza" ko "ya yi daidai" a gefensu. Maɓallin shigar da ciniki ya zauna a ƙasa inda babban yatsa zai kai, domin ɗaya hannun yana riƙe da leda ko canjin mai saye.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a wannan sana'a